Yadda Ake Gyara Kuskure a Saƙon Imel da Ya Riga Ya Tafi

Wata ranar Talata da hantsi, lokacin ina riƙe da harkar takardu a wani ƙaramin kamfanin haɗa kujeru da tebura a Kano, na aika wa shugabar wata makarantar kuɗi takardar farashin teburan ɗalibai guda 120. Farashin da muka tsayar shi ne ₦18,500 kowane tebur, amma hannuna ya juya lambobi biyu na rubuta ₦15,800, kuma a kan wannan adadin na yi sauran lissafin har ƙasa. Ban farga ba sai bayan sallar azahar, da mai kamfanin ya tambaye ni jimillar da na tura, na faɗa masa, na ga ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Da wannan lamari zan yi bayanin matakan gyara, domin kuskuren farashi shi ne ya fi kowanne nauyi a cikin kurakuran yau da kullum, kuma wanda ya iya gyara shi ba zai sha wahala da sauran ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, saurin da ake nema a nan ba da agogo ake auna shi ba. Ana auna shi ne da abin da wanda aka aika wa saƙon zai yi da shi. Idan gyaran ya isa gare shi kafin ya ɗora wani aiki a kan kuskuren, an yi sauri ko da awa biyar ta wuce. Idan kuwa ya riga ya kai adadin gaban shugabansa, ko ya tura kuɗi, to an makara ko da minti goma kacal aka yi.

Mataki na farko: daƙiƙun da suka biyo bayan danna Send

Akwai ɗan taƙaitaccen lokaci da za a iya tsayar da saƙo kafin ya fita. A Gmail, da zarar ka danna Send za ka ga kalmar Undo ta bayyana a ƙasan allo, kuma idan ka danna ta saƙon zai dawo maka a buɗe kamar ba ka aika ba. Gaskiyar abin da ke faruwa shi ne Gmail ba ya ƙwato saƙon daga akwatin kowa, riƙe shi kawai yake yi na wasu daƙiƙu kafin ya sake shi. A yadda aka saita shi tun asali daƙiƙa 5 ne, wanda da ƙyar yake isar mutum ya gane ya yi kuskure. Ana iya ƙara shi zuwa 10, ko 20, ko 30, ta hanyar shiga Settings a kwamfuta, sannan See all settings, sannan a nemi Undo Send a ƙarƙashin General, a zaɓi 30, a gangara ƙasa a danna Save Changes. Ina ba kowa shawara ya yi wannan tun yau, domin mantuwar haɗa fayil yawanci a cikin waɗannan daƙiƙun take faɗo wa mutum a rai.

Masu amfani da Outlook suna da wani abu da ake kira Recall This Message, kuma mutane da yawa suna dogara da shi fiye da yadda ya cancanta. Yana aiki ne idan kai da wanda ka aika wa kuna cikin ma'aikata ɗaya da ke amfani da Microsoft 365 ko Exchange. Idan saƙon ya tafi adireshin Gmail, ko Yahoo, ko na wani kamfani dabam, ba zai dawo ba. Saboda haka ga abokin ciniki na waje, ka ɗauka cewa magana zarar bunu ce, ta fita ke nan, ka wuce mataki na gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

Mataki na biyu: ka karanta abin da ka aika, ba abin da kake tsammanin ka aika ba

A nan ne gaggawa take yi wa mutane illa. Zuciya tana bugawa, mutum ya yi wuf ya rubuta "a yi haƙuri, farashin ₦18,500 ne", ya tura, sannan bayan minti biyar ya lura cewa jimilla ma ta canza, ya sake tura wani, sannan ya tuna da haraji, ya tura na uku. Wanda ya karɓi saƙonni huɗu a kan ciniki ɗaya ba zai ƙara sanin wanne zai kama ba, kuma amanar da yake da ita ga lissafinka za ta ragu fiye da yadda kuskuren farko ya rage ta. Damar gyara mai tsabta guda ɗaya ce, don haka ya kamata a ba ta minti biyar ko goma na natsuwa.

Ka buɗe Sent, ka karanta saƙon daga take har sa hannu, ka buɗe kowane fayil da ke haɗe da shi daga cikin saƙon kansa, ba daga kwamfutarka ba. Sannan ka bi sawun kuskuren ka ga duk inda ya taɓa. A tawa takardar, ga yadda abin ya kasance. Tebur 120 a kan ₦15,800 ya ba da ₦1,896,000, alhali a kan ₦18,500 ya kamata ya zama ₦2,220,000, wato bambancin ₦324,000. Harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Najeriya ta koma kansa a 2020, na rubuta shi ₦142,200 maimakon ₦166,500. Jimillar ƙarshe ta fito ₦2,038,200, alhali daidai shi ne ₦2,386,500. Ka ga lamba ɗaya ta ɓata layi huɗu, kuma ainihin giɓin da ke tsakaninmu da makarantar ₦348,300 ne, ba ₦2,700 ɗin da ido ke fara gani ba.

Akwai wata dabara ta tsofaffin akantoci da take taimakawa wajen gano asalin kuskure: idan bambancin adadi biyu yana rabuwa da 9 ba saura, akwai yiwuwar an juya lambobi biyu ne. A nan 2,700 ya rabu da 9 ya ba da 300 cif. Amfanin sanin haka shi ne ya nuna mini kuskuren na yatsa ne a takarda ɗaya, ba tsohon jadawalin farashi na ɗauko ba. Da tsohon jadawali ne, da sai na bincika duk takardun da na aika wa wasu a wannan makon.

Kafin ka rufe saƙon, ka duba waɗanda suka karɓe shi a To, da Cc, da kuma Bcc, wato layin waɗanda aka tura wa kwafi a ɓoye, ka rubuta su a gefe. Duk wanda ya ga kuskuren dole ya ga gyaran.

Mataki na uku: ka sanar da na cikin gida, sannan ka ɗaga waya

Idan kuɗin ba naka ba ne, kada ka gyara a ɓoye da fatan shugabanka ba zai ji ba. Shi ne ke da ikon yanke shawarar ko za a tsaya a kan farashin gaskiya, ko za a yi wa abokin ciniki wani rangwame, kuma ya fi kyau ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin mai saye. Ka je masa da lissafin a hannu: abin da aka rubuta, abin da ya kamata a rubuta, bambancin, da lokacin da saƙon ya fita.

Bayan haka, a duk kuskuren da ya shafi kuɗi, ko ranar taro, ko ranar kawo kaya, kiran waya yana gaba da rubutu. Dalili kuwa mutane da yawa a wajenmu ba sa zama a kan imel, sukan leƙa shi sau ɗaya ko biyu a yini, kuma mai yiwuwa an riga an buga takardar farko an ajiye ta a kan teburin wani. Kiran ba ya buƙatar tsawo. Ni abin da na ce bayan gaisuwa shi ne: "Hajiya, ranki ya daɗe, akwai kuskure daga wajena a takardar farashin da na turo da safe. Don Allah kada a yi aiki da ita, yanzu zan turo wadda aka gyara. Ko an riga an kai ta gaban kwamiti?" Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci a kiran, domin amsarta ce za ta nuna maka ko gyara kawai za ka yi ko kuwa sulhu ne a gabanka. Ta ce kwamitin makarantar sai ranar Alhamis zai zauna, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Kiran waya ba ya maye gurbin rubutu. Abin da aka ɓata a rubuce, a rubuce ake gyara shi, saboda gobe idan an zo biyan kuɗi akanta takarda zai duba, ba zai san abin da aka faɗa a waya ba.

Mataki na huɗu: rubuta saƙon gyara

Ƙa'idar da nake bi ita ce saƙon gyara ya tsaya da ƙafafunsa, ta yadda wanda ya karanta shi kaɗai, ko da bai taɓa ganin na farkon ba, zai san abin da ke daidai da abin da ake so ya yi. Ga abin da na aika, da ɗan gyaran fuska:

Take: Gyara: farashin teburan ɗalibai 120, a yi aiki da wannan

Assalamu alaikum, Hajiya.

Kamar yadda na sanar da ke a waya, akwai kuskure a takardar farashin da na aiko yau da ƙarfe 10:20 na safe. Farashin kowane tebur ₦18,500 ne, ba ₦15,800 da na rubuta ba.

Da wannan gyara, kuɗin tebur 120 ya zama ₦2,220,000, haraji ₦166,500, jimilla ₦2,386,500. Yawan kaya, da irin katakon, da lokacin kawowa duk suna nan yadda suke a takardar farko.

Na haɗa sabuwar takardar da wannan saƙo. Ina roƙon a soke ta farko, kuma idan an riga an miƙa ta ga wani, a taimaka a musanya masa da wannan.

Kuskuren nawa ne wajen rubutu, ina neman afuwa. Zan ji daɗi idan aka tabbatar mini wannan ta iso kafin zaman kwamiti na ranar Alhamis.

Na gode.

Akwai dalili a bayan kowane sashe na wannan saƙo. Kalmar "gyara" ta zo a farkon take, domin a waya farkon take kaɗai ake gani, kuma da shi ne wanda yake sauri zai yanke shawarar buɗewa. Adadin da ke daidai ya zo a gaba, na kuskuren ya biyo baya sau ɗaya tak, don mai karatu ya gane wanda zai soke. Wasu suna jin kunyar maimaita adadin da suka ɓata, sai su ce kawai "ga sabuwar takarda", su bar mutum ya jera takardu biyu yana neman inda suka bambanta. Wannan ɗora wa wanda ba shi da laifi aiki ne, kuma yana iya sa shi zargin an canza wani abu a asirce. Shi ya sa jimlar da ta ce sauran abubuwa suna nan yadda suke take da daraja sosai: tana rufe ƙofar zargi, tana kuma hutar da shi sake karanta komai.

Batun ban haƙuri kuwa, sau ɗaya ya isa, kuma wurinsa bayan bayanin ne. Mu Hausawa muna da al'adar tsawaita neman afuwa, kuma a baki hakan yana da kyau, amma a rubuce idan layi biyar na farko duk "don Allah a yi haƙuri, wallahi ban san yadda aka yi ba" ne, adadin da ake nema yana nutsewa a ƙasa, sannan mai karatu ya ga kamar dole ya rarrashe ka. Haka kuma ba a kawo uzuri. Ko da gaske wuta ce ta ɗauke, ko sabis ya yi rauni, ko yaron ofis ne ya buga takardar, wanda ya aika shi ne mai kuskure a idon wanda ya karɓa. Cewa "kuskuren nawa ne" gajeriyar magana ce, amma ita ce take kashe zancen, kuma na lura mutane sun fi saurin yafe wa wanda ya faɗe ta a sarari.

Mataki na biyar: ta ina saƙon zai bi

Ka buɗe saƙon farko a Sent ka danna Reply All, don duk waɗanda ke To da Cc su samu, kuma tsohon saƙon ya kasance a ƙasa a matsayin shaida. Sai dai ka duba layin adireshi da idonka, ka kwatanta da sunayen da ka rubuta a gefe, musamman waɗanda ka sa a Bcc, domin sau da yawa ba sa biyowa sai ka ƙara su da kanka.

Akwai zaɓi a kan take. Idan ka bar tsohon take, Gmail zai jera gyaran a ƙarƙashin saƙon farko, wanda yake da kyau ga ƙaramin kuskure. Ga kuskuren kuɗi na fi son a canza take ta hanyar Edit subject, saboda saƙon ya fito a matsayin sabo a saman akwati, kada wanda ya riga ya karanta na farkon ya ɗauka maimaici ne ya wuce shi.

Sunan fayil ma yana buƙatar kulawa. Idan takardu biyu suna da suna ɗaya, akanta zai sauke su a wuri ɗaya, bayan mako biyu ya buɗe wadda ta fara zuwa hannunsa. Ka ba sabuwar suna da zai bambanta ta:

```
Farashin_Tebura_120_GYARA.pdf
```

A cikin takardar kanta ka rubuta a sama cewa ta soke wadda ta gabace ta, da kwanan wata, domin takarda takan rabu da saƙon da ya kawo ta da zarar an buga ta. Kuma ka haɗa fayil ɗin kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka buɗe shi daga cikin saƙon ka tabbatar shi ne sabon.

Idan fayil ne aka manta

Wannan ya fi sauƙi, kuma bai cancanci doguwar wasiƙa ba. Layi biyu sun wadatar: "Assalamu alaikum. Ga rahoton watan Maris da na ambata a saƙona na ɗazu, na manta ban haɗa shi ba. A yi haƙuri." Ka ambaci sunan abin da ka haɗa, kada ka ce "ga shi" kawai. Gmail yakan tunatar da mutum idan ya rubuta da Turanci cewa ya haɗa fayil alhali bai haɗa ba, amma mai rubutu da Hausa kada ya dogara da wannan tunatarwar.

Wani lokaci ba mantuwa ba ce, fayil ɗin ne bai isa ta yadda za a iya buɗe shi ba. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25 MB a saƙo ɗaya, idan ya wuce sai ya ɗora shi a Google Drive ya aika da mahaɗi, kuma idan ba a ba wanda aka aika wa izinin buɗewa ba, zai tarar da shafin neman izini. Alamar haka ita ce ka sami saƙon neman izini, ko a ce maka "mun ga saƙo amma bai buɗe ba". Gyaran shi ne ka shiga Share a kan fayil ɗin ka ƙara adireshinsa, ko ka rage girman fayil ɗin ka sake aikawa. Sannan idan fayil ɗin wani ne kake son isarwa, ka tuna Reply ba ya ɗauko abin da ke haɗe da tsohon saƙo, Forward ne yake ɗaukowa.

Kurakurai biyu da ba a gyara su da imel kaɗai

Na farko shi ne lambar asusun banki. Saƙon da ya ce "an yi kuskure, a tura kuɗin a wannan asusun maimakon wancan" shi ne ainihin salon da 'yan damfara ke amfani da shi bayan sun kutsa imel ɗin kamfani, saboda haka duk akanta mai hankali zai ƙi yarda da shi, kuma yana da gaskiya. Ka kira shi ta lambar da ya san ka da ita, ka karanta masa lambobi goman asusun ɗaya bayan ɗaya, ka ce ya duba sunan da zai fito a manhajar bankinsa kafin ya tura, sannan ka bi da takarda mai tambarin kamfani da sa hannu.

Na biyu shi ne tura wa mutum fayil ɗin da ba nasa ba, kamar jadawalin albashi ko bayanan wani abokin ciniki. Ka roƙe shi ya goge ba tare da turawa gaba ba, ya kuma tabbatar maka a rubuce, amma ka sanar da shugabanka nan take, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan fitar bayanan na iya cutar da masu su.

Idan an riga an amince da farashin

Kowa ya san bambancin tayi da sallamawa a kasuwa. Kafin a karɓi tayi, wanda ya yi shi yana iya janye shi, amma bayan an ce an amince, magana ta zama ta mutum biyu, kuma ba ka da hurumin aika "gyara" kamar kana ba da umarni. A nan sai a zauna, ko a yi magana a waya tsakanin masu iko, a nuna takardar farashin kamfani don mai saye ya ga ba ƙarin kuɗi ake masa ta bayan gida ba, a ba shi zaɓi a sarari: ya karɓa a farashin gaskiya, ko a raba bambancin, ko a warware cinikin cikin mutunci. Idan bambancin kaɗan ne kuma abokin cinikin na dindindin ne, ra'ayina shi ne kamfani ya haɗiye asarar, ya gaya masa cewa farashin na wannan karon ne kawai don kada ya zama abin dogaro a gaba. Duk abin da aka cimma, a rubuta shi a imel a ranar.

Mataki na ƙarshe: ka tabbatar gyaran ya zauna

Aika saƙo ba ya nufin an karanta shi. Idan yini ya wuce ba amsa, ka sake kira ko ka tura gajeren saƙo ta WhatsApp kana tambayar ko sabuwar takardar ta iso. Ni da safiyar Laraba na kira akantan makarantar, na roƙe shi ya karanta mini jimillar da ke kan takardar da ke gabansa. Ya karanto ₦2,038,200. Shugabar ta ga gyaran, amma tsohuwar takardar da aka buga tun hantsin Talata ce ke cikin fayil ɗin da za a kai wa kwamiti. Na jira a kan layi har ya buɗe imel, ya buga sabuwar, ya karanto mini ₦2,386,500, ya ce ya cire tsohuwar ya ja mata layi. Da takardar odar makarantar ta iso a makon da ya biyo baya, layin jimilla na fara dubawa kafin na kai wa mai kamfanin ya sa hannu.